Canza gashi a hoto: manhajar waya ko ta kwamfuta?

*"Assalamu alaikum. Ina sana'ar kitso a gida, kuma ina son in riƙa nuna wa masu zuwa yadda wani launi ko wani salon gashi zai zauna masu a hoto kafin mu sayi gashin ƙari. Na sauke manhajoji biyu na kyauta, ɗaya ta shafa mini ja har a goshi, ɗayar kuma ta ce sai na biya. Ƙanena yana da tsohuwar laftof, ya ce in koyi na kwamfuta. Ban taɓa gyaran hoto ba. Wanne ya kamata in kama?"*

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a zo batun waya ko laftof, sai ki raba aikin gida biyu, domin ayyuka biyu ne mabambanta. Canza launi yana nufin gashin da ke cikin hoton yana nan yadda yake, silinsa da ƙyallinsa da tsagarsa, kala kawai ake sauyawa. Canza salo kuwa yana nufin a ƙirƙiro gashin da babu shi a hoton, a kuma ɓoye wanda yake akwai. Na farko mai koyo yana iya ƙwarewa a kansa da kayan kyauta zalla. Na biyu shi ne inda manhajojin waya suka fi sauri, kuma nan ne suka fi yin ƙarya.

Abin da ya sa ja ya hau goshi

Kowace manhaja, ta waya ce ko ta kwamfuta, sai ta fara shata iyaka: nan gashi ne, nan fata ce, nan bango ne. Wannan iyakar ita ake kira Mask a kan allo. Bambancin da ke tsakanin manhajojin kusan duk a nan yake. Irin su YouCam Makeup da FaceApp su suke shata iyakar da kansu cikin daƙiƙoƙi, ke launi kawai za ki taɓa. GIMP da Photopea kuwa buroshi suke miƙa miki ki shata da hannunki.

Shatawar kai-tsaye tana dacewa idan gashin dunƙule ɗaya ne, kwantacce, a gaban bango mai haske. Kitso ba haka yake ba. A kan mace mai shuku ko kalaba akwai layin gashi, layin fatar kai, layin gashi, layin fatar kai, ga ƙananan gashin gaban goshi da suke shiga cikin fata a hankali ba tare da wata iyaka tsayayya ba. Idan fatar mai duhu ce, hoton kuma a ɗaki aka ɗauka, hasken gashi da na fata suna kusantar juna sosai, sai manhajar ta kasa rabewa ta haɗa goshi da tsaga ta shafe su duka. Ba laifin wayarki ba ne, kuma sauke manhaja ta uku irinsu ba lallai ya magance shi ba. Abin nema a kowace manhaja shi ne: bayan ta shata iyakar, tana ba ki magogi da buroshi ki gyara? Tana barin ki zuƙo hoton sosai lokacin gyaran? Idan babu waɗannan biyun, ki ajiye ta.

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce baƙin gashi. Yawancin kayan canza launi kala suke sauyawa, ba sa taɓa haske. A ma'aunin haske na hoto, wanda ya tashi daga 0 baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat, baƙin gashi yana can ƙasa kusa da sifili, in ban da wuraren ƙyalli. A irin wannan duhun kala ba ta da wurin fitowa. Duk mai rini ya san ba a tsoma baƙin yadi a ruwan ɗorawa ya fito ɗorawa. To haka yake a hoto: sai an fara ɗaga hasken gashin, sannan launi ya kama. Manhajar da ta tsallake wannan matakin, ko dai ba za ki ga canji ba, ko kuma ta lafta kalar a sama kamar fenti, silin gashin ya ɓace. Shi ya sa sharaɗi na biyu shi ne ki sami damar sarrafa haske daban, launi daban.

Abin da ke cikin waya

Manhajojin waya na kyauta iri biyu ne, kuma mutane da yawa iri ɗaya kawai suka sani.

Iri na farko su ne na taɓa-ki-gani, kamar biyun da na ambata da sashen Hair Color na Picsart. Amfaninsu sauri: wadda ta zo kitso tana zaune, cikin minti ɗaya kin nuna mata launi biyar. Kyautarsu kuwa da iyaka. Galibi ana buɗe 'yan launuka a kulle sauran, ko a bar ki ki gani amma a hana ki ajiyewa, ko a buga tambarin manhajar a gefen hoton. Ki kula da abin da suke kira gwajin kyauta na 'yan kwanaki: idan kika sa katin banki, ranar da gwajin ya ƙare za a cire kuɗi, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirewar. Sai kin shiga Play Store, kin taɓa hotonki a sama, kin shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, kin soke a can. Kada kuma ki karɓi irin waɗanda ake turawa a guruf ana cewa an fasa masu kulle, domin manhajar da ba ki san wanda ya taɓa cikinta ba za ki ba izinin shiga duk hotunan wayarki.

Iri na biyu su ne na aikin hannu a waya, kuma su nake ganin sun fi dacewa da ke. Snapseed ta Google kyauta ce gaba ɗaya, babu talla, babu tambari, tana aiki ba tare da data ba. Ba ta da maɓallin da aka rubuta gashi a kansa, shi ya sa ake wuce ta, amma tana da abubuwa biyun da muke nema. Za ki buɗe hoton, ki shiga Curves, wato layin da ake lanƙwasawa don sarrafa haske da launi, ki ɗaga ƙasan layin har gashin ya yi haske. Hoton duka zai yi fari-fari, kada ki damu. A cikin Curves ɗin ki zaɓi Red ki ɗaga shi kaɗan, ki zaɓi Green ki sauke shi kaɗan, ki amince. Daga nan ki shiga View edits, ki taɓa Curves, ki zaɓi alamar buroshi. Yanzu gyaran zai ɓace daga hoton, sai inda kika shafa da yatsa kawai zai bayyana. Ƙarfin buroshin yana tafiya 0, 25, 50, 75, 100: ki shafa 100 a tsakiyar kitso, 50 ko 25 a bakin goshi, 0 kuma shi ne magoginki idan kin zarce. Alamar ido tana nuna miki wurin da kika shafa da ja. Girman buroshin kuwa da zuƙowa ake rage shi, iya zuƙowarki iya sirantarsa. Wurin maɓallan yana ɗan sauyawa idan an sabunta manhajar, amma sunayen su ne za ki nema.

Raunin Snapseed shi ne ba za ki ce mata ga ainihin launin da nake so ba, sai dai ki yi ta lalube da layukan ja da kore da shuɗi. Ja mai duhu da ruwan ƙasa suna samuwa da sauƙi, launin zuma yana wahala. Idan kina son zaɓen launi daidai, ibisPaint X ta fi: manhajar zane ce, tana da talla, amma tana da Layer, wato shimfiɗun hoto da ake ɗorawa ɗaya a kan ɗaya, da hanyoyin haɗa launi irin na kwamfuta, kuma abin da kika koya a cikinta zai bi ki har laftof.

Abin da laftof ke ƙarawa

Ba wani sihiri ba ne, abu uku ne: babban allo, linzami mai kai wa inda yatsa ba ya kaiwa, da ajiye aiki a buɗe yadda za ki dawo gobe ki canza launi ba tare da sake shata iyaka ba. Na ukun nan shi ne babba ga mai sana'a. Iyakar ita ke cin lokaci, launi kuwa daƙiƙoƙi ne. Idan kin shata sau ɗaya kin ajiye, launi goma ma za ki fitar daga hoto guda.

GIMP kyauta ce, babu talla, babu rajista, ana sauke ta sau ɗaya ta yi aiki ba intanet, kuma tsohuwar laftof mai RAM 4GB tana ɗaukar hoton waya, ko da za ta ɗan yi nauyi. Photopea ba a girka ta, a burauza ake buɗe ta, tana da talla a gefe, fasalinta irin na Photoshop ne, kuma tana da Refine Edge wanda ke taimakawa wurin tsintar bakin gashi mai tashi. Sai dai tana son intanet kafin ta buɗe. Photoshop ita ce ta fi ƙwarewa a bakin gashi, amma ta biyan wata-wata ce, ba ta cikin lissafinmu.

Bari mu bi aiki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a GIMP: hoton mace mai baƙar kalaba, ana son a ga yadda ja mai duhu irin na zoɓo zai zauna mata, wato abin da masu sayar da gashin ƙari suke kira 99J.

Ki buɗe hoton, ki danna Shift+Ctrl+D don ki sami kwafi a sama, asalin ya zauna a ƙasa ba a taɓa shi ba. A kan kwafin ki shiga Layer, Mask, Add Layer Mask, ki zaɓi Black (full transparency). Ƙa'idar guda ce: a kan Mask, fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa. Kafin ki fara shafa, ki taɓa ƙaramin hoton kwafin a jerin Layer, ba na Mask ɗin ba, ki shiga Colors, Curves, ki kama layin wajen 40 a ƙasa ki ɗaga shi zuwa wajen 75 ko 80. Ba za ki ga komai ya canza ba tukuna, domin baƙin Mask ya rufe shi. A nan masu koyo da yawa suke ɗauka abin bai yi ba su sake yi sau biyu, su ƙone hoton.

Yanzu ki taɓa Mask ɗin, ki danna P don buroshi, ki danna D sannan X launin ya zama fari, ki zaɓi buroshi mai laushin baki, Hardness 050 ya isa. Ki zuƙo hoton zuwa kashi 200. Duk inda kika shafa za ki ga gashin ya yi haske. Ki bi kowace kalaba a tsawonta da buroshin da bai kai faɗinta ba, ki bar tsagar da ke tsakani. Idan kin hau fata, ki danna X launin ya koma baƙi, ki goge, ki sake danna X ki ci gaba. A bakin goshi da wajen kunne ki rage Opacity, wato ƙarfin buroshin, zuwa 30, ki yi shafa biyu ko uku a hankali maimakon ɗaya mai ƙarfi. Wannan matakin shi ne aikin, kuma a karon farko zai iya cin rabin awa ko fiye a kan kitso mai yawa. Kada ki gaggauta shi.

Idan kin gama, ki shiga Layer, Mask, Mask to Selection. Ki buɗe sabon Layer da Shift+Ctrl+N, ki taɓa akwatin launi, a wurin HTML notation ki rubuta:

```
7a1f2b
```

Sai Edit, Fill with FG Color, sannan Shift+Ctrl+A don sakin zaɓin. Abin da za ki gani a nan mummuna ne, ja lafce kamar an shafa da hannu. Ki je Mode na wannan Layer ɗin ki canza shi daga Normal zuwa LCh Color. Nan take silin gashin da inuwarsa za su dawo, launin ya shiga ciki. Ki sauke Opacity zuwa tsakanin 60 da 70. Ki ajiye aikin da File, Save, wanda zai ba ki fayil ɗin xcf mai riƙe da komai a buɗe, sannan File, Export As ki fitar da jpg a inganci 90 don turawa.

Yanzu duba kurakurai, kuma kowanne yana da alamarsa. Idan kin ga wani siririn haske ya zagaye kan kamar zobe, iyakarki ta fita bango, Curves ya haska abin da ba gashi ba. Idan kuma baƙin zare ne ya zagaye gashin, iyakar ba ta kai baki ba. Idan gashin ya cika da ɗigo-ɗigo masu kala kamar yashi, kin ɗaga haske fiye da abin da hoton zai iya ɗauka: a wurin duhu kyamarar waya ba ta adana bayani sosai, ɗagawar tana tono dattin da ke ɓoye ne. Maganinsa rage Curves, ko sake ɗaukar hoton. Idan ƙyallin man kitso ya koma ja jawur, ki ɗauki magogi mai Opacity 30 ki rage launin a kansa, domin ƙyalli hasken taga ne ko na fitila yake dawowa, kusan fari yake ko da gashin wane launi ne. Kuma ki bar gindin kowace kalaba da ɗan duhu. A zahiri ma gashin mai kitson baƙi ne a tushe, na ƙarin ne mai launi, don haka wannan duhun shi ke sa hoton ya yi kama da abin da zai fito daga hannunki.

Lambar launin da na ba ki kusantawa ce kawai. Abin da ya fi shi ne ki ɗauki hoton ainihin ƙunshin gashin, 99J ne ko 30 ko 33 ko 27, a wuri ɗaya da haske ɗaya da hoton mai kitson, ki buɗe shi a GIMP, ki danna O, ki tsinci launin daga tsakiyar gashin inda babu ƙyalli. Ki yi haka ga duk launukan da kike yawan saye, ki rubuta lambobinsu a littafi. Masu haske sosai irin 27 da 613 su ne masu wuya a kan baƙin gashi, domin ɗaga hasken da suke buƙata ya wuce abin da yawancin hotunan waya ke jurewa. Kuma ki duba sakamakon a allon waya kafin ki nuna wa kowa, tunda allon tsohuwar laftof yakan dishe launi, ki ƙara ja ki yi yawa ba ki sani ba.

Canza salo

A nan laftof ba ta da sauƙi ko kaɗan. Sai kin samo hoton wani kan mai salon da kike so, wanda aka ɗauka daga kusurwa ɗaya, haske yana zuwa daga gefe ɗaya, ki yanko gashin, ki daidaita shi da Unified Transform, ki lanƙwasa da Warp Transform, ki ɓoye tsohon gashin da ke leƙowa, ki zana inuwa a goshi. Aikin wanda ya riga ya saba ne, ba na makon farko ba.

Manhajojin waya masu ƙirƙirar gashi da kansu suna yin wannan cikin daƙiƙoƙi, amma sake zana kan suke yi, ba ɗora gashi kawai ba. Ki ajiye asalin hoton kusa da sabon ki duba layin goshi, kunne, ɗan kunne, da launin fata: sau da yawa za ki tarar an gyara fuskar an haska ta ba ki nema ba. Jerin salonsu kuma ya fi karkata ga gashi mai santsi da mai lanƙwasa. Ko sun kawo kitso, ba ya bin ƙa'idar kitso, za ki ga layi ya taso ya ɓace a tsakiyar kai, ko tsaga ta haɗe da wata inda hannu ba zai iya ba. Idan kika nuna wa mace wannan ta ce shi take so, kin ɗaukar wa kanki alkawarin abin da ba ya kitsuwa. Don salo, hotunan aikin hannunki na gaske, gaba da gefe da baya, sun fi kowace manhaja.

Akwai kuma batun da bai kamata a wuce shi ba. Hoton mace ba ɗankwali amana ce a hannunki. FaceApp da ire-irenta suna tura hoton zuwa kwamfutocin kamfani ne a yi aikin a can, abin da ya jawo mata ce-ce-ku-ce a 2019. Gwajin yana da sauƙi: ki kashe data da Wi-Fi, ki gwada canza gashin. Idan ta ƙi, akwai yiwuwar hoton fita yake yi daga wayarki. Snapseed da GIMP suna gama aikinsu a cikin na'urar. Ko da wacce za ki yi, ki nemi izinin mai hoton, ki goge idan an gama, laftof ɗin kuma tunda ta ƙanenki ce, hotunan mata su zauna a filashinki, ba a cikinta ba.

To wanne za ki kama?

Ki fara da waya, da Snapseed, na tsawon mako biyu ko uku. Dalilina shi ne abin da ake koyo a farko ba manhaja ba ce, ido ne da hannu: gane inda gashi ya ƙare, da sanin iya hasken da za a ɗaga. Wannan a waya ma ana koyonsa, ba tare da jiran wuta ko jiran ƙanenki ya gama da laftof ba. Wanda ya fara da GIMP a ranar farko yakan ɓata lokacinsa wurin neman maɓalli, ya gaji kafin ya kai ga gashin.

Ki koma laftof ranar da ɗaya daga cikin abubuwan nan ya fara damunki: yatsa ya kasa bin ƙananan kitso ba tare da hawa tsaga ba, ko kina son launi da yawa a hoto ɗaya, ko kina son hoton da za a buga a allon shago. Idan launi ɗaya ko biyu kike nunawa a allon waya, mai yiwuwa ba za ki taɓa buƙatarta ba. Manhajar taɓa-ki-gani kuma ki bar guda ɗaya don saurin nuni, bayan kin gwada ta da hoton kanki, ba da hoton tallarsu ba.

Ko wacce kika zaɓa, rabin nasarar tana wurin ɗaukar hoto. Ki tsayar da mai kitson a inuwa a tsakar gida ko kusa da taga da rana, bayanta bango mai haske wanda babu zane, ki goge gilashin kyamarar, ki yi amfani da ta baya, ki kashe duk wani gyaran fuska na kyamarar domin yana murje silin gashi. Idan ita za ta turo miki ta WhatsApp, ta turo shi a matsayin Document, saboda turawar da aka saba tana matse hoton, kuma wuraren duhu irin gashi su ne suke fara lalacewa.